Zaɓen Launi a Aji: Jawabin Kwamitin Koyarwa a Taron Reshe



Maganar da muka zo da ita ta shafi alli, biro da kwalin da muke mannawa a bango. Jigonta guda ne: kada mu ɗora wa launi ma'ana shi kaɗai, domin a cikin ɗalibanmu akwai waɗanda ba sa ganinsa yadda muke gani.

A cikin idon mutum akwai ƙwayoyi iri uku masu tantance launi. Idan iri ɗaya ya yi rauni ko babu shi, sai a sami abin da ake kira makantar launi. Sunan ya zarce abin, domin mafi yawan masu ita suna ganin launuka, ja da kore da ruwan ƙasa ne suka fi rikice musu. Yawanci gado ne ta wajen uwa, kuma ya fi yawa ga maza: a Turawan arewacin Turai, kimanin namiji 1 cikin 12 da mace 1 cikin 200. Adadin bai kai haka ba a Afirka, amma makaranta mai ɗaruruwan yara maza da wuya ta rasa su. Yaron bai san da abin ba, tunda haka ya buɗe ido ya ga duniya, mu kuwa sai mu ɗauka sakaci ne.

Mu ɗauki misali. Malamar lissafi ta gama zango, ta zana jadawalin darussa goma a kwali: shida ajin ya gane, uku suna bukatar bita, ɗaya sai an sake koyar da shi. Al'adarmu ita ce kore, rawaya da ja. A nan akwai illa biyu. Ta farko, jan maka da korenta sukan yi kusa a duhu, don haka yaron nan zai iya kasa raba darasin da aka gane da wanda ya gagara. Ta biyu, yara sun saba ganin jan biro a wurin kuskure, saboda haka kwalin zai yi musu shelar faɗuwa tun kafin su karanta kalma ɗaya.

Gyaran yana farawa da tambaya: ina muke so ido ya fara sauka? A kan darasi ɗayan nan. Ido yana bin abin da ya fita dabam, kuma idan komai ya yi ƙarfi, babu abin da zai fito. Don haka sai a bar shidan da ruwan toka mai haske, ukun a yi musu ruwan lemo, ɗayan kuma shuɗi mai duhu. Shuɗi da ruwan lemo suna rarrabuwa ga masu rikicewar ja da kore, ga shi kuma an sami matakai uku daga haske zuwa duhu. Shuɗin bai ɗauke da zargin da ja ke ɗauke da shi a aji, yana nuna wurin aiki ne kawai. Masu shirya takarda a kwamfuta suna iya ɗauko `#0072B2` da `#E69F00` daga jerin launukan da masanan Japan Okabe da Ito suka tsara don wannan bukata.

Bayan haka sai a ƙara alama ta biyu: da'ira ga shidan, alwatika ga ukun, tauraro ga ɗayan, sannan a rubuta «bita» a jikin layin maimakon a gefe. A baƙin allo kuwa lissafin ya juya: fari da rawaya ke fitowa, jan alli da shuɗi sukan nutse.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A ɗauki hoton kwalin da waya a mai da shi fari da baƙi, ko a yi fotokofinsa. Duk launuka biyun da suka zama toka iri ɗaya, a canza ɗaya. Wannan yana auna haske ne kawai, shi ya sa alama ta biyu ba ta da makawa.

Idan muka ga yaro mai ƙoƙari yana yawan kuskure a taswira, ko yana leƙen fensirin da maƙwabcinsa ya ɗauka, kada mu tsayar da shi gaban aji muna tambayarsa launuka. Mu yi magana da iyayensa cikin sirri su kai shi asibitin ido, inda ake amfani da faifan gwaji na Ishihara, wanda aka fara bugawa a 1917. Wadda aka gada ba ta da magani, amma allonmu a hannunmu yake.

Muna roƙon kowa ya gwada kwali ɗaya kafin taro na gaba.