Yadda ake zana salsalar gida mai aure da yawa

   

Akwai kuskure ɗaya da nake yawan gani a takardun salsalar da ake kawo mini, a nan Nguru da can Gashuwa. Sai a rubuta sunan kaka a sama, a jero 'ya'yansa duka a ƙarƙashinsa, babu sunan mace ko ɗaya. Takarda irin wannan ba ta gaya maka wane ne shaƙiƙin wane, alhali abin da za a nema ke nan ranar rabon gado ko neman aure. Ƙa'idar ita ce, kowane ɗa daga layin auren da aka haife shi zai sauko, ba daga sunan uba kai tsaye ba.

Ku sami kwali babba, ku kwantar da shi ta faɗi, ku yi aiki da fensir don za a yi goge-goge. Namiji alwatika, mace da'ira. Wanda ya rasu a ja masa layi a karkace. Tsara ɗaya layi ɗaya: kakanni a sama, 'ya'ya a tsakiya, jikoki a ƙasa, ko da ƙanin uba ya girmi ɗan wansa da wata biyu ne kawai, ko ma ɗan wan ne ya girme shi.

Mu ɗauki misali. A ce maigida ya yi aure uku. Sai a sa alwatikarsa a sama, a jera matan ƙasa da shi kaɗan daga dama zuwa hagu bisa tsarin shigowarsu, kowace da lambarta da layin da ya haɗa ta da shi. Uwargida ta haifi uku, to ukun nan daga layinta za su rataya, babba a dama. Ta biyu ta haifi ɗa ɗaya, aure ya mutu, ta auri wani a Gashuwa ta haifi mata biyu. Kada a goge ta don ta fita. A datse layin aurenta da 'yan sanduna biyu, a zana mijin Gashuwa a gefenta, 'yan matan su sauko daga wannan sabon layi. Yanzu kowa zai gani da idonsa: ɗan nan uba ɗaya yake da 'ya'yan uwargida, uwa ɗaya yake da na Gashuwa, amma tsakanin 'ya'yan uwargida da 'yan matan Gashuwa wannan aure bai haɗa jini ba.

Ta uku ta zo da agola. Shi daga layin aurenta na fari zai sauko, ko da a gidan nan ya yi wayo yana kiran maigida Baba. Ba ya cin gadon maigida, yana cin na mahaifiyarsa. Ɗan riƙo ma a bar shi ƙarƙashin iyayensa, a rubuta wanda ya riƙe shi a gefe.

Iyaye mata, ga inda ba mu iya komai sai da ku: shayarwa. In uwargida ta shayar da 'yar maƙwabta, a ja layin ɗigo-ɗigo daga yarinyar zuwa gare ta. Kuma ku lura, yarinyar nan ta haramta ga 'ya'yan maigida duka, har da na kishiyoyi, ba waɗanda suka sha nono ɗaya kawai ba. Maza ba su cika sanin wa ya shayar da wa ba, shi ya sa ake fara tambaya daga ɗakin tsohuwa.

In an yi auren zumunta, mutum zai so ya fito wuri biyu. A zana shi sau ɗaya a wurin haihuwarsa, a ba shi lamba, a ɗaya wurin a sa lambar kawai. Sunan yanka ake rubutawa, laƙabi a ƙasansa, domin gida ɗaya sai ka tarar da Muhammadu huɗu, uwa kuma ba za ta faɗi sunan ɗan farinta ba, sai a tambayi goggonsa.

Shekarar rasuwa ta fi ta haihuwa nauyi, saboda ɗan da ya riga ubansa rasuwa, 'ya'yansa ba su gadon kakan muddin akwai ɗa namiji a raye. In tsoho ya manta shekara, a kama masa da abin da ya faru: isowar jirgin ƙasa Nguru a 1930, samun 'yancin kai a 1960, fitowar naira a 1973, ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991. In an gama, a karanta wa tsofaffi biyu daga ɗaki daban-daban, kowa shi kaɗai. Inda bakinsu ya saɓa a bar shi da fensir, inda ya zo ɗaya a bi da biro.