Kafin kwali ya bar Damagaram: lissafin da mai aika kaya waje zai fara yi

  

Yawancinmu mun san hanyar Maraɗi zuwa Katsina, da ta Damagaram zuwa Kano, mun san yadda ake yi da jami'an duwan a bakin iyaka, domin muna tare da kayanmu. Amma yanzu wani ciniki ya shigo mana ta wayar salula. Mutum yana Faransa ko Beljiyam, ya ga hoton jaka ko takalmi, ya ce a aiko masa. A nan kaya ne ke tafiya su kaɗai, babu mai yi musu magana sai takardar da muka haɗa su da ita. Shi ya sa za mu ɗauki ciniki guda ɗaya mu bi shi daki-daki, daga awon kwali har shigar kuɗi hannu.

Mu ƙaddara wata baiwar Allah a birnin Marsai na Faransa za ta aurar da 'yarta, ta nemi jakunkunan fata 12 irin na dukawan Damagaram don ta raba wa ƙawaye. An daidaita kan sefa 15,000 kowace ɗaya, jimla 180,000, wato wajen yuro 274. Abin da ya rage shi ne tambayoyi uku: nawa ne kuɗin jirgi, wa zai biya kuɗin fito a can, kuma yaushe kuɗinmu zai shigo. Duk wanda ya faɗi farashi bai amsa ukun nan ba, to da ka ya yi ciniki.

Mu fara da jirgi. Kamfanonin kai saƙo cikin gaggawa ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna duba wurin da kwali zai cinye a cikin jirgi. Ana auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a ninka su, a raba da 5,000. Abin da ya fito shi ne nauyin girma. Sai su kwatanta shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za a biya. Jakunkunanmu 12 sun yi kilo 7 a sikeli. Idan muka cusa musu takardu don su tsaya da kyau, muka sa su a kwali mai 50 da 40 da 30, lissafi zai ba da 60,000, a raba da 5,000 ya zama kilo 12. Mu ɗauka, don misali kawai, ana karɓar sefa 9,000 a kilo. Mu da muka yi wa mai saye lissafin kilo 7, wato 63,000, sai a ce mana 108,000. Bambancin 45,000 ya kai kuɗin jaka uku.

Maganin abin yana hannunmu. A kwantar da jakunkunan, a jera su kai da ƙafa, a nemi kwalin da tsayinsa bai wuce santimita 20 ba. Yanzu 50 da 40 da 20 sun ba da 40,000, wato kilo 8, kuɗin jirgi ya sauko 72,000. Don haka a ɗaure kaya a auna kwali tukuna, sannan a faɗa wa mai saye kuɗin aikawa. Kuma tun da fata ce, a tabbata ta bushe sarai kafin a naɗe ta a leda, domin fata mai damshi tana isa da fumfuna.

Sai takarda. Idan ta gidan waya za a aika, akwai takardar bayanin kaya mai suna CN22 ta ƙananan saƙonni, da CN23 ta manyan ƙunshi da masu daraja, irin wannan namu. Idan ta kamfani ne, takardar ciniki ce za ta yi magana. A rubuta cikakken suna da adireshi da lambar wayar mai karɓa, domin da ita za a kira shi in duwan ta riƙe kaya. Wurin bayanin kaya kada a rubuta "kaya" ko "tsaraba". A rubuta da Faransanci abin da ke ciki filla-filla: jakar hannu ta fatar akuya, guda 12, kowace ɗaya 15,000, an yi a Nijar. A ƙara lambar kayan. Duniya tana da tsari ɗaya na lambobin kaya da ake kira HS, lambobi shida na farko iri ɗaya ne a kusan kowace ƙasa, kuma ta jakar hannu mai bayan fata ita ce 4202.21. Da wannan lamba jami'i yake sanin kason da zai caza.

Sau da yawa mai saye zai roƙe mu a rage daraja a takarda, ko a rubuta kyauta ce. Kada mu yarda. Jami'i zai iya neman shaidar biyan kuɗi daga wurinsa, in ta saɓa da takarda a riƙe kaya, a ƙara tara. Kuma in kwali ya ɓace, ba za a biya mu diyya sama da darajar da muka rubuta da hannunmu ba.

Yanzu ga inda cinikin yawancin masu farawa yake lalacewa, wato kuɗin fito. Tarayyar Turai ba kan kuɗin kaya kaɗai take lissafi ba, tana haɗawa da kuɗin jirgi da na inshora. A misalinmu 180,000 da 72,000 sun zama 252,000. Fiton jakar fata kashi 3 ne cikin ɗari, wajen 7,560. Bayan haka sai harajin saye da sayarwa, wanda ake rubutawa TVA, kashi 20 cikin ɗari a Faransa, kuma ana ɗora shi a kan jimlar har da fiton. Kashi 20 na 259,560 ya kama 51,912. Gaba ɗaya kusan sefa 59,500, wajen yuro 90, ban da ɗan abin da kamfani ko gidan waya ke karɓa na aikin fitar da kaya. Ku lura, ba fiton ne mai nauyi ba, harajin ne. Kuma daga 1 ga Yulin 2021 an soke rangwamen da ake yi wa kayan da ba su wuce yuro 22 ba, ko ƙaramin saƙo na ciniki yana biyan wannan haraji.

To wa zai biya yuro 90 ɗin nan? 'Yan kasuwar duniya suna da gajerun kalmomi na wannan. In an rubuta DAP, mu ne da kuɗin kai kaya har adireshi, mai saye ne da fito da haraji. In an rubuta DDP, komai a kanmu yake, kamfani zai biya a can ya dawo mana da lissafi. In ba mu zaɓi na biyu ba, wurin mai karɓa za a nema. Ku duba halin da matar nan za ta shiga: ta biya kaya, ta biya jirgi, saura kwana biyar biki, sai ga saƙo cewa ba za a ba ta kwali ba sai ta kawo yuro 90 da ba a taɓa ambata mata ba. In ta ƙi karɓa, kaya za su zauna a ajiya, daga baya a maido su a kan kuɗinmu ko a lalata su. Mun rasa jaka, mun rasa kuɗin jirgi, mun rasa amana. Ga ƙaramin mai sayarwa DAP ya fi sauƙi, da sharaɗin a rubuta wa mai saye tun kafin ya biya cewa zai tarar da kusan kaza a can, ya kuma amsa a rubuce.

Akwai wata dama. Nijar tana cikin ƙasashen da Tarayyar Turai ta yafe wa fito a kan kayan da aka yi a cikinsu. Fatar da aka jeme a nan aka ɗinka a nan ta cancanta, kuma ga kayan da ba su wuce yuro 6,000 ba, bayanin asali da mai aikawa zai rubuta a jikin takardar ciniki ya isa. Kalmomin bayanin ƙayyadaddu ne, a karɓo su daga ofishin cibiyar 'yan kasuwa ko wurin wakilin fito. A misalinmu hakan zai rage kusan 9,000, amma harajin TVA yana nan. Jakar da aka sayo daga Sin aka sake aikawa ba ta cikin wannan rangwame.

Abubuwa biyu kada su shiga kwali. Na farko kilishi da cuku. An hana shigar da nama da kayan madara Tarayyar Turai ta irin wannan saƙo, kuma ƙulli ɗaya na tsaraba zai sa a tsare jakunkunan duka. Na biyu fatar kada ko ta mesa ko ta guza, ko da ɗan yanki ne na ado a murfin jaka. Waɗannan suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da izini na musamman, in babu shi ƙwacewa ake yi.

Na ƙarshe shi ne kuɗi. Da yuro muna da sauƙi, domin canjinsa da sefa a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957. Da dala ko naira ko sidi kuwa, a sa wa farashi wa'adi, a ce ya tsaya na kwana uku ko na mako. Tsarin da ya fi kare kowa shi ne rabin kuɗin kaya kafin alƙalami, da shi za a sallami dukawa. In aiki ya kammala a tura hoton kaya da na kwali a kan sikeli, mai saye ya cika ragowar 90,000 tare da 72,000 na jirgi, sannan kwali ya fita, a tura masa lambar bin sawu a ranar. A kuma daidaita wanda zai ɗauki la'adar aikawa. In ta banki ce, mai aikawa yakan zaɓi OUR ko SHA ko BEN. Na farko ne kawai yake nufin shi ya ɗauki cajin duka, sauran biyun kuɗi kan iso da giɓi.

Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kuɗi sun shigo ne in mun gan su a asusunmu ko mun ƙirga su a hannu. Alamar ɗan damfara sananniya ce: ba ya taya farashi, yana gaggawa, sai ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, a maido masa da rarar ko a miƙa wa wani direbansa. Kuɗin da ya ce ya turo ko dai ba su taɓa zuwa ba, ko banki ya janye su bayan kwanaki, namu da muka mayar kuwa sun tafi ke nan.

Muna roƙon duk wanda ke da oda a hannu yanzu ya zo da awon kwalinsa da takardar cinikinsa a zama na gaba, mu yi lissafin tare kafin ya faɗi farashi.