Naki Naki Ne, Amma Ki Kafa Shaida

 

Yau ina so mu yi magana a kan kayan mace a gidan aure. A shari'ar Musulunci, wadda kotunanmu ke bi a kan aure da gado, aure ba ya haɗe dukiyar mata da ta miji. Sadakinki naki ne. Gado, katifa da kwanukan da iyayenki suka yi miki naki ne. Gonar da kika gada, ribar ƙuli-ƙulinki da kuɗin da kika kwasa ranar rabon asusu, duk naki ne. Idan ya sake ki, da su za ki fita. In ke kika nemi rabuwa ta hanyar khul'i, abin da aka daidaita kawai za ki biya, galibi sadaki. Sauran kayanki ba su cikin ciniki.

To, in haka ne, me ya sa mata ke asara? Saboda cakuɗa kaya ba shaida.

Na taɓa zama a wani gida ana rabon gado. Marigayin ya bar mata biyu da 'ya'ya. Da damina uwargidan ta ba shi naira 60,000 daga kuɗin asusunta ya sayi taki, a kan zai biya bayan girbi. Kafin girbi Allah ya yi masa rasuwa. Da aka yi wa abin da ya bari kuɗi, bayan hidimar jana'iza, ya kama naira 860,000.

Ku ji yadda lissafin yake. Kafin a raba gado, ana fara ware kayan da ba na mamaci ba, a biya bashi, sannan wasiyya in akwai. Bashin matarsa kuwa bashi ne kamar na kowa, haka ma ragowar sadaki in bai cika ba. Da an cire mata 60,000, saura 800,000. Tunda akwai 'ya'ya, rabon matan aure tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas: 100,000, su raba biyu, kowace 50,000. Ka ga uwargida za ta tashi da 110,000.

Amma daga ita sai shi a ɗaki ta ba shi kuɗin. Magada suka ce ba su san zancen ba, ita kuma ba ta da wanda ya gani. Aka raba 860,000 gaba ɗaya, ta samu 53,750. Kuɗin guminta ya tafi cikin rabon kowa. Ba shari'a ce ta hana ta ba, rashin shaida ne.

Game da kayan cikin gida, malaman Malikiyya sun kawo sauƙi: in an yi jayayya ba shaida, abin da aka saba na mata ne, kamar tukwane da kayan ado, ana bar wa mace in ta rantse. Wahalar tana kan kuɗi, gona da dabbobi, musamman akuyarki da ke ɗaure a turken maigida shekara da shekaru.

Don haka in za ki ba maigida kuɗi, ki faɗa da bakinki: rance ne ko kyauta? In rance ne, a yi shi gaban maza biyu amintattu, ko namiji ɗaya da mata biyu, a rubuta adadi da rana, ko da ajami ne. In kin sayi dabba, ki yi mata alama, wani naki ya san da ita. In fili ne, sunanki za a sa a takardar ciniki, mai unguwa ya shaida. Kada ki ce a sa sunan maigida don kunya.

In kuma shi ya ba ki kyautar gona, ki karɓe ta a hannunki tun yana da rai da lafiya: ki sa a noma miki, amfanin ya shiga rumbunki, mutane su gani. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu, gado take komawa.

Na san wata za ta ce, "Ai sai ya ce ban yarda da shi ba." Ki ce masa, "Malam, saboda rai ne." Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Kuma takardar nan shi ma tana sauke masa nauyi. In ke kika riga shi, ita za ta nuna abin da kika bari, ya ɗauki rabonsa, kwata in kina da ɗa ko 'ya, rabi in babu, sauran ya isa ga magadanki.

Kafin zamanmu na gaba, kowace ta lissafa abin da ta mallaka da wanda ya shaida shi. Wadda ba ta rubutu, ta zo wurin sakatariya mu rubuta tare.