Idan rahoto ya ce kowane gida na samun miliyan ɗaya, ku tambaya: wane gida?



Magana ɗaya na zo da ita yau, kuma ta lissafi ce. Da yawa cikinku kuna aikin ɗaukar bayanai a ƙauyuka, ko kuna rubuta rahoto ga wata ƙungiya. In an gama zagaya gidaje, sai a ce ku ba da adadi guda da zai nuna abin da gida ke samu a shekara. Hanya biyu ce ake fitar da wannan adadi, kuma a ƙasa irin ta Kurfai suna iya ba da labari biyu masu karo da juna.

Ta farko ita ce wadda muka koya a lakwal, mwayan: a tara kuɗin dukan gidaje, a raba da yawan gidajen. Ni ina ce mata rabon-daidai, don amsar da take bayarwa ita ce abin da kowa zai samu da a ce an zuba komai a ƙwarya ɗaya an raba. Ta biyu ita ce mediyan: a jera gidajen daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauki na tsakiya. Rabin gidaje na ƙasa da shi, rabi na sama da shi. In yawan gidajen bai bar guda a tsakiya ba, a ɗauki biyun tsakiya a haɗa a raba biyu.

Duk wanda ya san Filinge da ƙauyukanta ya san yadda samu yake. Galibin gidaje gero da wake suke nomawa, da ƴan awaki, da abin da ɗan cin rani ya aiko daga Yamai ko Kwatano ko Abijan. Sannan akwai ƴan gidaje ƙalilan na manyan ƴan kasuwa da masu garken shanu, waɗanda cinikinsu na kasuwa ɗaya ya fi abin da maƙwabcinsu ke gani a shekara.

Bari mu ƙaddara misali. Adadin nan ni na tsara su don mu yi lissafi tare. Unguwa ce mai gida 11, ga abin da kowane ke samu a shekara, a jika-jika ta sefa: 190, 200, 220, 250, 270, 300, 320, 350, 400, sai mai shanu 2.500, sai ɗan kasuwar hatsi 6.000.

In kun tara, jika 11.000 ne. A raba gida 11, kowa ya tashi da jika 1.000, wato miliyan ɗaya. To ku dubi jerin da kyau. Wane gida ne ke samun miliyan ɗaya? Babu ko ɗaya. Gida tara ba su kai ko rabinta ba, biyu kuma sun wuce ta nesa. Amma in kun ƙirga zuwa gida na shida, wanda ke da biyar a bayansa da biyar a gabansa, za ku tarar da jika 300. Wannan adadi, in kuka faɗe shi a bakin masallaci, mutanen unguwa za su ce e, haka muke.

Yanzu mu ce damina ta gaba ba ta yi kyau ba. Kowane ɗaya cikin gida taran nan ya rasa jika 50. Shi kuwa ɗan kasuwar da ya saye hatsi da kaka ya sayar lokacin da rumbuna suka ƙare, samunsa ya ƙaru da jika 2.650. Jimilla ta zama 13.200, rabon-daidai ya hau zuwa 1.200. Mai rahoto zai rubuta, ba tare da ya yi ƙarya a lissafi ba, cewa samun gidaje ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Gidan tsakiya kuwa ya sauko daga 300 zuwa 250. A shekarar da gida tara cikin goma sha ɗaya suka rage tuwo, takarda ta ce an ci gaba. In da irin wannan takarda ake zaɓar garin da za a kai wa hatsi mai rahusa, unguwar nan ta fita daga layi.

Kada ku ɗauka rabon-daidai ba shi da amfani. Yana amsa wata tambaya ce daban. In kuna son sanin yawan kuɗin da ke yawo a gari, misali don a kimanta girman kasuwa, shi ne kayan aiki, domin in an ninka shi da yawan gidaje yana ba da jimilla. Gidan tsakiya ba ya yin wannan: 300 sau 11 bai kai ko sulusin 11.000 ba. Amma in tambayar ita ce yaya talaka na gari yake rayuwa, gidan tsakiya za ku sa a gaba.

Shi ma gidan tsakiya yana da makantarsa. Da a ce gida uku na ƙarshe sun faɗi daga wajen jika 200 zuwa jika 50, zai tsaya a 300 kamar ba abin da ya faru, don matsayi yake dubawa, bai damu da zurfin ramin ba. Shi ya sa binciken tattalin arzikin iyali da ƙungiyoyi irin su Save the Children suka yi amfani da shi a Nijar yake kasa gidaje kashi huɗu: matalauta ƙwarai, matalauta, masu matsakaicin hali da masu hali, a bayyana kowane rukuni daban. Sannan ku kiyaye, ba a haɗa mediyan na ƙauye biyu a raba biyu a ce na yanki ne. Dole a koma jerin gidajen gaba ɗaya a sake jerawa.

Yaya za ku gane akwai matsala? Ku fitar da duka biyun ku ajiye su kusa da juna. In bayananku na cikin Excel na faransanci, daga B2 zuwa B12, ga abin da za ku buga:

```
=MOYENNE(B2:B12)
=MEDIANE(B2:B12)
```

In sun yi kusa da juna, kowanne kuka ɗauka ba laifi. In na farko ya ninka na biyu sau uku kamar a misalinmu, to ƴan gidaje ne ke jan sa sama. Gwaji na biyu: ku cire gida biyu mafi samu na ɗan lokaci. A misalinmu rabon-daidai zai faɗo daga 1.000 zuwa wajen 278, gidan tsakiya kuma daga 300 zuwa 270 kawai. Wannan yana nuna wani haɗari: in ba dukan gidaje aka zagaya ba, kaɗan aka zaɓa, faɗawar mai ɗaukar bayanai gidan Alhaji ko tsallake shi ya isa ya canza sakamakon rahoto gaba ɗaya.

Amma gwaji ne kawai, kada ku goge masu kuɗin daga rahoton don lissafi ya yi kyau. Suna nan a gari, kuma tazarar da ke tsakaninsu da saura ita kanta labari ce da ya kamata a karanta. Ku rubuta shi a fili kamar haka: gidan tsakiya na samun jika 300 a shekara, rabon-daidai jika 1.000 ne, saboda gida biyu cikin 11 ke riƙe da fiye da kashi uku cikin huɗu na jimillar.

Don haka in an miƙo muku rahoto, na gwamnati ne ko na ƙungiya, aka ce "matsakaicin samun gida", ku tambayi marubucin wanne daga cikin biyun yake nufi, gida nawa aka zagaya, kuma gida nawa ne ke ƙasa da adadin da ya rubuta. In ya kasa amsawa, kada ku sa hannu.

Allah ya ba mu damina mai albarka.