Gyaran hoton fuska: a rage, kada a shafe

Idan mai gyaran hoto ya goge fuska har ta koma kamar ta 'yartsana, ya ɓata aikin, domin ƙananan ramukan fata su ke nuna wa ido cewa mutum ne. Ƙa'idar ita ce a gyara haske da launi, a bar fatar yadda take. Mu ɗauki hoton amarya da aka ɗauka da filasha: goshi yana ƙyalli, ƙwayar ido ta yi ja, wuya ya fi fuska duhu. A Photoshop sai a buɗe sabon shafi, a ɗebo launi daga fatar da ke kusa da ƙyallin, a shafa da burushi mai laushi, Opacity kamar kashi 15 cikin ɗari. Ƙyallin zai ragu ba tare da ya ɓace ba, don fata mai duhu da hasken nan take nuna siffar fuska.

Jan ido kuwa hasken filasha ne da ya dawo daga jijiyoyin jinin cikin ido. A cire jan daga ƙwayar kaɗai, a duhunta ta, a bar ɗigon farin hasken da ke ciki. Bambancin launin wuya da fuska kuma a daidaita shi a hankali da Curves, a wurin da yake kawai.

Wani zai ce ai masu hoto ne ke son fuska sumul. Gaskiya ne, amma abin da suke ƙi tabo ne da maiƙo. Ba wanda ke son danginsa su kasa gane shi. Don haka a riƙa kashe shafin gyaran ana kunnawa. Idan ramukan fata sun ɓace, an wuce gona da iri, sai a rage.