Jawabi A Kan Lissafin Ma'aikatan Gidan Abinci

Jama'a 'yan'uwa ɗalibai, mu ƙaddara gidan abincinmu ya bunƙasa har yana bukatar mutum 12 kullum, daga masu girki zuwa masu wanke-wanke. In muka ɗauki 12 cif, mun yi kuskure, domin gidan yana buɗe kwana bakwai, ma'aikaci kuwa kwana shida yake yi. Ashe 14 muke bukata. Idan kowa zai karɓi naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da Nijeriya ta tsayar a 2024, za mu biya naira 980,000 a wata.

To, ba a nan lissafin ya tsaya ba. A ce mutum huɗu sun bar aiki cikin shekara. Kowane sabo zai yi mako biyu yana koyo, muna biyansa, shinkafa tana caɓewa a hannunsa. Albashin koyon kaɗai naira 140,000 ne, ban da ɓarnar abinci.

Daga ƙarshe, ranar da muka ɗauki mutum na 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kanmu: za mu riƙa zuba wa kowa kashi 10 cikin ɗari na albashinsa. Saboda haka mu tanadi wannan kuɗi tun kafin mu ɗauke shi.