"Cikina ne ke ɗan damuna" bai isa ba

Bari in fara da kaina.

Bara na shiga farmasi, mutane cike, kunya ta kama ni. Na ce wa mai magani, "Malam, zawo ne kaɗan." Ya ba ni maganin tsayar da zawo. Jinin da nake gani da zazzaɓin, ban faɗa ba. Bayan kwana biyu sai asibiti. Likita ya ce atuni ne, kuma irin wannan magani ba a shan sa in akwai jini da zazzaɓi. Mai farmasi bai da laifi, abin da na faɗa shi ya ji.

Ga abin da ya kamata in ce: "Yau kwana uku, ina zagayawa kamar sau shida a yini, akwai majina da jan jini, cikina na murɗawa, jikina da zafi." Shi ke nan fa, numfashi ɗaya.

Maganar jinin nan, ku bayyana ta sosai, kar ku ce "basir" ku yi shiru. Ja ne, yana ɗiga bayan an gama, ko a gauraye yake da kashin? In baƙi ne ƙirin kamar kwalta, yana iya zama jini daga can sama, wajen tumbi. Wannan na asibiti ne a ranar. Amma ku faɗa in kuna shan maganin ƙarin jini, shi ma yana baƙanta kashi.

In jama'a sun yi yawa, ka ce, "Don Allah mu ɗan keɓe." Ko ka rubuta a waya ka miƙa masa.